Fitilar sola ta iso shagonmu a Katsina: amsoshin tambayoyin da kuke yi mana

Assalamu alaikum. Kayan da muka daɗe muna cewa suna hanya sun sauka, kuma tun ranar da muka jera su a gaban shago, nan wajen Ƙofar Ƙaura, tambayoyi kusan iri ɗaya ake ta yi mana. Wani ya tsaya a kan babur ya tambaya, wata ta aiko yaro da saƙo, wani kuma ya ja benci ya zauna sai mun yi lissafi a bayan kwali. Shi ya sa na ga gara in rubuta amsoshin wuri guda, kowa ya karanta a natse kafin ya fito da kuɗinsa. Ni mai sayarwa ne, ciniki nake nema, ban ɓoye ba. Amma na fi son mutum ya san abin da fitilar za ta iya da abin da ba za ta iya ba tun kafin ya kai ta gida, don kada mu haɗu a masallaci yana kawar da kai.

Wai wace irin fitila ce kuka kawo?

Iri biyu ce. Akwai ƙarama, ta hannu, wadda ake ratayawa a ƙusa ko a ajiye a kan tabarma. Tana zuwa da farantinta na wat 3 da igiya mai tsawo, don faranti ya zauna a rana ita kuma tana ɗaki. Sai babba, wadda akwati ce mai batir a ciki, da faranti na wat 10, da ƙwai uku masu wat ɗai-ɗai, kowane da igiyarsa da makunninsa, da kuma kafar USB ta cajin waya. Babbar ita ce ta gida mai ɗaki biyu da tsakar gida, ko ta mai shayi da mai tireda.

Batirin da ke cikin dukkansu irin wanda ake rubuta wa LiFePO4 ne. Ku riƙe wannan sunan, za mu dawo kansa.

Malam, in an ɗauke wuta, awa nawa za ta yi tana ci?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma ba na amsa ta da lamba ɗaya, domin duk wanda ya ce maka "awa goma sha biyu" ya yi shiru, rabin zancen ya faɗa maka.

Ku ɗauki batir a matsayin randa. Faranti shi ne mai ga-ruwa da ke zuba mata da rana, ƙwan fitila kuma shi ke ɗiba da dare. Mu kira wutar da ƙwai mai wat ɗaya yake sha a awa ɗaya moɗa ɗaya. To, randar babbar fitila tana cin moɗa 38 in ta cika. Ba ni na ƙirƙiro lambar ba, a jikin batirin take: an rubuta 3.2V da 12000mAh. Ka raba 12000 ɗin da dubu, ka samu 12, ka ninka da 3.2, ka samu 38 da ɗan ɗoriya. Kowace fitila aka miƙo maka a kasuwa, haka za ka yi mata.

Shi kuma faranti, a rana mai kyau a nan Katsina, ana lissafa masa kamar awa biyar na cikakkiyar rana. Gaskiya ne rana tana fitowa tun safe har magariba, amma ta hantsi da ta bayan la'asar ba su da ƙarfin ta tsaka, shi ya sa in aka tattara su ake samun kimanin biyar. Wat 10 sau awa 5 ya ba da 50. Sai dai ba duka ke shiga randa ba. Zafi yana rage ƙarfin faranti, igiya tana ci, caji kansa yana ci. Ni kashi bakwai cikin goma nake ɗauka, wato moɗa 35 a wuni.

Yanzu ga gida. An ɗauke wuta tun la'asar. Ƙarfe shida da rabi aka kunna ƙwai uku, ɗaya ɗakin uwargida, ɗaya ɗakin yara masu bitar karatu, ɗaya tsakar gida. Suna ci har sha ɗaya da rabi. Awa biyar sau ƙwai uku, moɗa 15 sun tafi. Aka kashe biyu, aka bar na tsakar gida saboda mai fita kewaye da dare, har biyar da rabi na asuba: ƙarin moɗa 6. Jimla 21. Kun ga har gari ya waye randa ba ta ƙare ba, akwai saura wajen 17. In kuwa aka bar ukun duka suna ci ba kashewa, za su kai awa goma sha biyu da kaɗan, amma gobe sai rana ta yi kyau sosai kafin a mayar da abin da aka sha.

Ƙaramar kuwa randarta moɗa 9 da rabi ce. In ka sa ta a haske mafi ƙarfi za ta yi wajen awa shida. A na tsakiya, wanda ya isa a ci tuwo a yi hira, tana kwana.

Hasken nata ya kai a yi karatu da shi?

Ya kai. Ƙwai mai wat ɗaya yana ba da haske kamar na kyandir takwas a haɗe, kuma fari ne, ba ya rawa. In an rataye shi daidai saman tabarma, kamar kamu uku zuwa huɗu daga ƙasa, yaro zai karanta allonsa da littafin boko ba tare da ya kafa ido ba. Kuskuren da ake yi shi ne a kai shi can ƙololuwar rufi a ɗaki mai faɗi, sannan a ce ba ya haske. Ku sauko da shi kusa da inda ake aiki.

Abin da ba zan ce ba shi ne zai haska filin biki ko ya yi wa tela aikin zare baƙi a kan baƙin yadi daga nesa. Tela sai ya ɗaura ƙwan a kan keken, daf da allura.

Za ta yi cajin waya? Mu a gidanmu wayoyi huɗu ne.

Babbar tana yi, amma daga randar nan dai ake ɗiba, kuma waya ta fi ƙwan fitila ƙishirwa nesa ba kusa ba. Babbar waya ta shafa, mai batir 5000mAh, in ta mutu gaba ɗaya sai ta sha fiye da moɗa 20 kafin ta cika. Wato waya ɗaya ta shanye abin da ƙwai uku suka sha a daren nan da muka lissafa. Ƙaramar waya mai madannai kuwa moɗa 4 zuwa 5 ta ishe ta.

Saboda haka, Hajiya, in wayoyin nan huɗu duka manya ne, kada in yaudare ki, ba za ta ɗauke su kullum ba. In aka tsaya a kan ƙanana biyu da babba ɗaya da ba a bari ta mutu sarai, za a zauna lafiya.

Kuma lokacin cajin yana da muhimmanci. A gidan da muka yi misali da shi, moɗa 21 aka sha da dare, faranti kuma zai kawo 35. Kenan wajen azahar ko bayanta kaɗan randa ta cika, sauran da rana ke bayarwa zubewa yake yi a banza. A wannan lokacin ya kamata a jona waya, tsakanin azahar da la'asar, ana ɗiba faranti yana mayarwa. Wanda ya bari sai bayan isha'i ya jona waya biyu, shi ne zai zo mini da safe ya ce fitila ta mutu ƙarfe ɗaya na dare.

Fanka fa? Talabijin? Firij?

A'a. Waɗannan aikin babbar sola ne mai manyan farantai da inbata, kuɗinta kuma wani ne daban. Fankar tsaye ta gida ita kaɗai tana shan wat 40 zuwa sama, ba za ta yi awa ɗaya ba randar ta ƙafe, ban da cewa ma ba irin wutarsu ɗaya ba.

Kuna cewa tana rage kashe kuɗi. Ta yaya, alhali kuɗinta ya fi na tocila sau nawa?

Nan ne nake so a zauna a yi lissafi, domin kuɗin haske ba a jin fitarsa. Ɗari biyu yau, ɗari uku jibi, ba wanda ke rubutawa. Ban sa farashi a wannan rubutu ba saboda kayan suna bin canjin dala, abin da na faɗa yau ba lalle ya kai wata ba. Lambobin da ke tafe misali ne don a ga yadda ake lissafin, kowa ya cire su ya sa nasa.

Mu ƙaddara gida yana sayen batirin tocila na naira 600 a mako, tocilar maigida da ta uwargida. Ana kai waya biyu shagon caji kullum, naira 100 kowace, wato 1,400 a mako. An tashi 2,000 ke nan duk mako, ba a sa kyandir da ashana ba, ba a sa ladan yaron da ake aika ba. In mun ƙaddara babbar fitila naira 50,000 ce, ka raba da 2,000, ka samu mako 25. Wata shida bai cika ba ta mayar da kuɗinta, abin da ya biyo baya kuma riba ce har ranar da batir zai nemi canji.

Mai janareta lissafinsa ya fi wannan sauri. Akwai wani mai shayi da muka yi wannan lissafin da shi a kan teburinsa, yana soya ƙwai yana ba ni amsa. Ƙaramin janaretansa, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, yana shan kusan rabin lita a awa. Daga magariba zuwa sha ɗaya saura, lita biyu ke nan kowane dare. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da lita biyu take nufi a aljihu. In mun sa lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, 2,000 ne a dare, 60,000 a wata, kafin a zo maganar fulogi da mai gyara. Na tambaye shi me janaretan yake ɗauka. Ya nuna mini da cokali: ƙwai biyu da talabijin. Na ce to talabijin ɗin ba ruwan fitilata da ita. Ya yi shiru yana juya shayi, can ya ce ai talabijin ranar ƙwallo kawai take tara mutane, sauran ranaku shi kaɗai ke kallo. Muka tsaya a kan ya riƙa tayar da janareta dare biyu a mako, sauran biyar ya bar wa sola. Dare biyar sau 2,000, dubu goma ke nan a mako da ba ta fita ba. A mako biyar fitilar ta biya kanta.

To kowa ne zai ci wannan ribar?

Ba kowa ba. In unguwarku ana kawo wuta kullum ko da na awa uku ne, kuma a lokacin da kuke gida, fitila mai caji ta jikin bango za ta yi muku aiki da kuɗi ƙasa da wannan. Sola tana nuna amfaninta ne inda ake kwana biyu, uku, mako ba a ga wuta ba, ko inda taransifoma ta lalace ana jiran karo-karo, ko ƙauyen da turakun ma ba su kai ba. Mutanenmu na wajen Kaita, Rimi, Mashi da ƙauyukan Daura da ke zuwa sari sun fi kowa gane wannan, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Na taɓa sayen fitilar sola, wata huɗu ta yi ta mutu. Me ya bambanta taku?

Yaya, ni ma an yi mini, kuma ni kwali-kwali na saya. Shekarun baya na sari wasu fitilu a hannun wani dila, kwalinsu kyakkyawa, an rubuta 200W ɓaro-ɓaro da jan rubutu. Kafin damina ta fita mutane suka fara dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauki sukundireba na buɗe guda. Batirin da ke ciki, da na ɗora a tafin hannu, kamar ba komai, ga shi an buga masa 9900mAh a jiki. Na mayar wa mutane kuɗinsu daga aljihuna, dilan kuwa ya daina ɗaukar wayata. Daga nan na koyi buɗe kaya kafin in sara.

Yawancin fitilun da ke mutuwa da wuri batir ne ke kashe su, ba ƙwan ba. Masu araha sosai suna zuwa da ƙaramin batirin dalma, ɗan'uwan na babur. Irinsa caji ɗari biyu zuwa ɗari uku yake yi, kuma in aka bar shi ya kwana biyu a mace, ba ya dawowa daidai. Wasu kuma suna zuwa da batirin litiyam da aka ciro daga tsofaffin kaya aka sake masa riga. Shi LiFePO4 na gaske yana kai wa caji wajen dubu biyu kafin ƙarfinsa ya ragu sosai, wato in ana cika shi ana sha kullum, shekara biyar ke nan da ɗoriya. Ya kuma fi sauran jure zafi, abin da ba ƙaramin abu ba ne a garin da bazara ke wuce digiri 40.

Ta yaya zan gane ta ƙarya in na shiga kasuwa, ko da ba wurinku zan saya ba?

Abu biyu za ka duba, kuma ba ka buƙatar na'ura.

Na farko girman faranti. Rana ba ta ba da fiye da abin da faɗin faranti ya tara. Faranti mai faɗin farar takardar da ake buga takardu a kanta, in ya yi ƙoƙari, wat 10 zuwa 12 zai bayar. Wanda bai wuce tafin hannu ba, wat ɗaya ne ko ƙasa da haka. Saboda haka in ka ga fitila da ɗan faranti manne a bayanta kamar kwalin ashana biyu, an rubuta 100W ko 200W, ka san lambar ado ce. Irin wannan ko ta wuni a rana ba ta tara abin da zai kai ta isha'i da ƙarfi.

Na biyu batir. Ka ce a buɗe maka, ko a nuna maka wanda aka riga aka buɗe. Batirin nan mai kama da ɗan yatsa, wanda ake kira 18650, na gaskensa bai wuce 3500mAh ba ko a wurin manyan kamfanoni, nauyinsa kuma wajen giram 45. Duk irinsa da aka rubuta wa dubu tara ko dubu goma, ƙarya ce tsagwaronta. A shagonmu akwai guda ɗaya da muka buɗe muka ajiye a kan kanta, kowa ya zo ya ɗaga ya ji nauyi. Mai kayan da ya ƙi a ga cikin kayansa, ka yi masa sallama.

Ina ya kamata in ajiye farantin?

Inda rana za ta same shi daga hantsi har la'asar ba tare da inuwa ta taɓa shi ba. Ina nanata maganar inuwa domin mutane suna ɗauka in inuwa ta rufe kwata, kwatan wuta ce ta tafi. Ba haka ba ne. Ƙananan gidajen da kuke gani a fuskar faranti a jere aka haɗa su, kamar mutane masu miƙa wa juna bokiti. In ɗaya ya tsaya, layin duka ya tsaya. Reshen bedi guda, ko igiyar shanya da zane a kai, ko inuwar tankin ruwa da ke zagayowa bayan azahar, ya isa ya zubar da fiye da rabin cajin wuni. Kafin ka kafa shi, ka leƙa wurin sau uku a rana ɗaya: da hantsi, da azahar, da la'asar.

Ka ɗan karkata shi ya fuskanci kudu, ba da yawa ba, kamar ka sa bulo ɗaya a ƙarƙashin gefensa na arewa in babba ne, ko ɗan dutse in ƙarami ne. Katsina tana wajen digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka yawancin shekara rana ta kudu take bi. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta takan ɗan koma arewa da tsaka, amma kaɗan ne, bai kai a riƙa juya faranti ba. Karkatar tana da wani amfanin ma: ruwan sama yana gangarewa da ƙura maimakon ya kwanta.

Kada a sa shi a bayan gilashin taga. Kada kuma a shimfiɗa shi kai tsaye a kan kwano mai zafi, a bar ɗan sarari iska ta riƙa ratsa ƙarƙashinsa. A ɗaure shi da waya, don iskar farkon damina ba ta tambayar mai shi. Akwatin batir kuma a ɗaki, a inuwa, nesa da murhu. Faranti ne ke son rana, batir ba ya so. Na sha ganin an fitar da fitilar gaba ɗayanta an shanya a tsakar gida kamar barkono, wai ana caji. Wannan yana rage wa batir kwana.

Da hunturu da damina fa, tana aiki?

Tana yi, amma randa ba ta cika kamar kullum. A watan Agusta, in aka yi marka kwana biyu a jere, faranti zai iya kawo ƙasa da rabin abin da ya saba. Ranar da kuka ga haka sai a rage hannu: ƙwai biyu maimakon uku, waya kuma ta haƙura. Ragowar moɗa 17 ɗin nan da muka lissafa a baya, don irin wannan ranar take.

Hunturu matsalarsa biyu ce. Akwai hazon da ke sama, wanda ba yadda za a yi da shi. Akwai kuma ƙurar da ke kwanciya a kan faranti, wadda ita aikin minti ɗaya ce. A watannin Disamba da Janairu, in ka shafa yatsa a kan faranti bayan kwana uku za ka iya rubuta sunanka. A goge shi da tsumma mai laushi da ɗan ruwa, da sassafe kafin ya yi zafi, duk bayan kwana biyu. Ban da omo, ban da soson ƙarfe, kuma kada a watsa masa ruwan sanyi da tsakar rana yana da zafi. A ba wa yaro ɗaya wannan aikin ya zama nasa, in ba haka ba kowa zai ɗauka wani ya yi.

Tawa ta fara mutuwa da wuri. Batirin ne ya lalace?

Wataƙila, amma shi ne na ƙarshe da za a zarga. A bi su ɗaya bayan ɗaya. A hau a duba ƙura. A duba ko wata inuwa ta samu, domin inda rana ke bi a watan Yuni ba nan take bi a Disamba ba, icce kuma yana tsiro. Sannan da tsakar rana a dubi ɗan hasken caji da ke jikin akwatin. In bai kama ba, a bi igiyar da hannu daga faranti har ɗaki. Sau da yawa a nan ake samun ta: ɓera ya ɗanɗana, ko ƙofa ta datse ta, ko akuya ta ja, ko kan da ake sokawa ya saki. Daga nan a tambayi mutanen gida, cikin lumana, wa yake jona waya bayan kowa ya kwanta.

In duk wannan lafiya lau ne, sai a yi gwaji. A bar ta kwana biyu tana caji ba a kunna ba, ba a jona komai ba. A dare na biyu a kunna ƙwai ukun tare a duba agogo. Sabuwa tana kai awa goma sha biyu. In ta yi tara ko goma, batir ya fara manyanta amma da sauransa. In ba ta kai shida ba, a kawo mana ita. Ƙaramar kuma a sa ta a haske mafi ƙarfi: in ta kasa awa uku maimakon shida, ita ma a kawo.

In ta lalace kuna gyarawa, ko sai dai a sayi wata?

Muna ba da garantin shekara ɗaya a kan batir da akwati, da rasit mai kwanan wata, don haka a adana shi. Garantin bai shafi faranti da aka fasa ba, ko akwatin da ruwa ya shiga, ko wadda aka kai wa mai gyaran rediyo ya jona mata wata caja. Wannan na ƙarshen ya fi yawa. Mutum ya ga marka ta yi yawa, sai ya samo cajar wani abu ya soka don ya taimaka mata, ya ƙone allon da ke ciki. Bayan shekara kuma ba a yar da ita. Da sukurori aka ɗaure akwatin, ba da gam ba, batirin ana cire shi a sa sabo, ƙwai da igiya ma muna da su daban. Tsohon batir a dawo mana da shi, kada a jefa a bola inda ake cinna wuta, kada kuma a bar wa yara su fasa.

Ba ta da haɗari a ɗakin yara?

Ba harshen wuta, ba hayaƙi, wutar cikinta kuma ba ta kai ta ja mutum ba. Wanda ya taɓa ganin abin da kyandir ko fitilar ƙwai ke yi wa gidan sauro ya san darajar wannan. Tun da zancen ya zo, masu janareta su ji: kada a tayar da shi a cikin ɗaki, ko a zaure a rufe, ko daf da tagar da ake kwana. Iskar da ke kashewa a hayaƙinsa ba ta da wari, barci kawai take sa mutum.

Zan yi tafiya wata biyu, in kashe ta in ajiye?

Ka bari ta yi caji, ka kashe ta, ka zare igiyar faranti da ƙwai, ka ajiye a wuri mai sanyi. Kada ka ajiye ta a mace. In ka dawo ka ba ta wuni guda a rana kafin ka kunna.

Ana iya biya kaɗan-kaɗan?

Ana iya ajiya: ka kawo abin da ya samu muna rubutawa, ranar da ya cika ka ɗauka a farashin ranar da ka fara, in dai bai wuce wata biyu ba. Mata masu adashi da suka haɗu su biyar ko fiye muna yi musu ragi, kuma yaronmu zai je ya ɗaura wa kowace farantinta in cikin gari ne. Bashi dai ba ma bayarwa, a yi mana afuwa.

Yaushe zan zo in gani da idona?

Shago yana buɗe daga ƙarfe tara na safe, ban da lokacin sallar Juma'a. Amma in shawarata za ka bi, ka zo bayan magariba. Da rana kowace fitila kyau gare ta. Muna kunna ƙarama da babba a gaban shago tun faɗuwar rana har mu tashi ƙarfe tara, ka zo da littafi ko allon yaronka ka gwada a ƙarƙashinta. Ka zo kuma da lissafin abin da kake kashewa a mako, batir nawa, caji nawa, fetur lita nawa, da adadin wayoyin gidan, manya da ƙanana, mu ga wacce ta dace da kai.